Yadda Ake Goge Kurajen Fuska a Hoto Ba Tare da Fata Ta Koma Roba Ba

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, sau da yawa wayar wani saurayi ce ke ɗaukar hoton biki ko na suna. Matsalar ita ce, bayan gyara sai fuskar amarya ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, har danginta su kasa gane ta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Fuska tana da manyan abubuwa, wato ƙuraje, tabo da wuraren da suka fi duhu. Tana kuma da ƙananan abubuwa, wato ƙofofin gashi da siraran layuka, waɗanda su ne ke sa ido ya yarda fatar mutum ce. Tsarin `Beauty` na kyamara yana shafe duka biyun lokaci guda. Mafita ita ce a taɓa manyan, a ƙyale ƙananan.

A ɗauki misalin amarya mai ƙuraje uku a kumatu, ga goshi ya yi furu-furu saboda hunturu.

Aiki yana farawa tun kafin ɗauka. A kashe `Beauty`, a goge ƙurar gilashin kyamara, ta shafa ɗan mai a goshi, sannan ta tsaya a bakin zaure tana fuskantar haske. Idan ɗaki ya yi duhu, wayar da kanta ke murje fata don ɓoye ɗige-ɗigen hoto, kuma abin da ta murje ba ya dawowa.

Daga nan a buɗe hoton a manhajar Snapseed, a zaɓi `Healing`. A zuƙo hoton sosai, domin zuƙowar ce ke rage faɗin wurin da yatsa zai taɓa. A danna kowane ƙurji sau ɗaya. Kada a ja yatsa a kan kumatu, don hakan yana barin shafe mai kama da danƙo. Tsagar gado da tawadar Allah kuwa ba aibu ba ne, sai mai fuskar ta ce a cire.

Don daidaita launi, a shiga `Portrait`, a ajiye `Skin Smoothing` tsakanin 15 zuwa 25. Da zarar ƙofofin gashi sun fara ɓacewa, an zarce.

Gane hakan ba wuya. A zuƙo gefen hanci, a danna hoton a riƙe don ganin na asali. Idan ƙofofin gashi suna nan a na asali amma babu su a gyararren, a rage. Haka ma idan fuska ta fi wuya da hannu santsi ko haske.

Wajen turawa ta WhatsApp, a zaɓi `HD` ko `Document`, in ba haka ba matse hoton da manhajar ke yi zai cinye ɗan abin da aka tsare.