An Ce Jininki Ya Isa, To Me Ya Sa Gajiya Ba Ta Sake Ki Ba?

Mu ɗauki misalin wata mace 'yar shekara 32, mai 'ya'ya huɗu, tela ce da ke ɗinki a gida. Watanni ke nan tana fama da kasala. In ta hau matakalar bene sai ta tsaya ta huta, gashinta na karyewa a matsefi, da dare ƙafafunta ba sa samun natsuwa sai ta yi ta motsa su. Ga kuma wani kwaɗayi na tauna ƙanƙara da ta rasa inda ya fito. Ta je asibiti aka auna jininta, takarda ta nuna himogulobin 12.6, aka ce mata, "Hajiya, jininki lafiya lau, hutu kawai kike buƙata."

Wanda ya faɗa mata haka bai yi ƙarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace baligar da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini ne idan himogulobin ɗinta ya gaza giram 12 a kowace desilita, mai ciki in ya gaza 11, namiji kuwa in ya gaza 13. Ita ta haye wannan iyaka. Sai dai tambaya ɗaya wannan awo ya amsa, wato ko jinin ya isa. Bai amsa ko sinadarin ƙarfen da ake ƙera jinin da shi ya isa ba. Abubuwa biyu ne daban, kuma ana iya rasa na biyun alhali na farkon yana nan kalau.

Kowa ya san gidan da ake ɗora tukunya kullum, tuwo bai taɓa fashi ba, amma in ka leƙa rumbu sai ka tarar an kai ga ƙasa. Baƙon da ya zo ya ci ya ƙoshi ba zai san halin da ake ciki ba. Haka jiki yake yi da ƙarfe. Jikin babban mutum yana ɗauke da kamar giram 3 zuwa 4 na wannan sinadari. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin himogulobin, wato abin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi. Wannan shi ne tukunyar. Wani kaso kuma yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo, a ƙunshe cikin wani furotin mai suna feritin. Wannan shi ne rumbun. Ɗan abin da ya rage yana aiki a tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran ƙwayoyin jiki.

Jiki mai tattali ne ƙwarai. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kamar kwana 120, in ta tsufa a farfasa ta a kwashe ƙarfenta a sake ƙera sabuwa. Ta wannan hanya ake juya miligiram 20 zuwa 25 kullum. Abin da ke fita daga jiki a yini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, kuma kusan haka hanji ke tsotsowa daga abinci. Lissafin yana rushewa ne in jini yana zuba, domin kowace mililita ɗaya ta jini tana tafiya da kusan rabin miligiram na ƙarfe. Ciki guda, daga ɗaukarsa zuwa haihuwa, yana cin kamar miligiram 1,000, alhali mata da yawa ba su da rabin haka a ajiye. Matar da muke magana a kanta ta haihu sau huɗu a jere, ga al'adarta tana zuwa da yawa har kwana bakwai.

In abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, jiki ba ya taɓa tukunya da farko. Rumbu yake ɗiba. Feritin ya yi ta sauka, himogulobin na tsaye a inda yake. In ajiyar ta ƙare, sai ƙarfen da ke kan hanyar zuwa ɓargo ya fara ƙaranci. Sai a mataki na uku ne ɓargo zai kasa, ƙwayoyin jini su fito ƙanana kuma koɗaɗɗu, himogulobin ya faɗi. Tsakanin mataki na farko da na uku ana iya yin watanni ko shekaru. Shi ya sa awon da aka saba yi a asibitocinmu, wanda ake rubutawa Hb ko PCV, shi ne na ƙarshe wajen kawo labari. Kafin nan mutum na iya jin gajiya, raunin tunani, zubewar gashi, ko sha'awar cin farar ƙasa. Waɗannan alamu ba su keɓanta da ƙarancin ƙarfe ba, ciwon maƙoƙo ko rashin barci ko damuwa duk suna iya kawo irinsu, don haka gwaji ne ke raba gardama.

Gwajin da ke leƙa rumbu shi ne na feritin. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana yawo a jini, kuma yawansa yana bin yawan ajiyar: a ƙiyasce, kowane maikirogiram ɗaya a lita yana wakiltar miligiram 8 zuwa 10 na ƙarfen da aka adana. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, babban mutum mai lafiya da feritin ɗinsa ya gaza 15 yana da ƙarancin ƙarfe. Likitoci da yawa suna ɗaga iyakar zuwa 30, domin in aka tsaya a 15 ana barin mutane da dama a baya. Kyan wannan gwaji shi ne, in ya fito ƙasa sosai to babu shakka, kusan ba abin da ke saukar da shi haka sai ƙarewar ƙarfe.

Matsalar tana wajen da ya fito daidai ko sama. Feritin yana cikin abubuwan da jiki ke ƙara yawansu in yana yaƙi da cuta. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ciwon hanta, ciwon ƙoda, har da yawan ƙiba, duk suna iya ɗaga shi ko da ajiya ta yi ƙasa. A ƙasar da mutum kan yi zazzaɓi sau biyu ko uku a damina, wannan ba ƙaramin tarko ba ne. Shi ya sa ƙa'idar 2020 ta ce in akwai kumburi ko kamuwa da cuta, iyakar babban mutum ta tashi daga 15 ta koma 70. Ana gane kumburin ne da wani gwaji da ake rubutawa CRP.

Mu koma wajen telar nan. A ce wani likita ya sa aka auna mata feritin, mako ɗaya bayan ta tashi daga zazzaɓi, ya fito 62. Takardar ɗakin gwaji za ta nuna lambar tana cikin iyaka. Amma CRP ɗinta yana sama, saboda haka 62 ba abin sakin jiki ba ne. A nan gwaji na biyu ke shigowa.

Ƙarfe ba ya yawo a jini shi kaɗai, akwai furotin mai suna tiransferin da ke dakonsa daga hanji da rumbu zuwa ɓargo. Ka ɗauke shi kamar jerin amalanke, kowane da wurin buhu biyu. Abin da ake so a sani shi ne kashi nawa cikin ɗari na wuraren nan ke ɗauke da kaya. Ana auna ƙarfen da ke cikin jini, a auna iyakar abin da 'yan dakon za su iya ɗauka, wanda ake rubutawa TIBC, a raba na farko da na biyu, a ninka sau 100. Sakamakon shi ake rubutawa TSAT. A mai lafiya yakan kasance tsakanin kashi 20 zuwa 45. Ƙarfen jinin matar nan 42 ne, TIBC kuma 350. In ka raba 42 da 350 ka ninka sau 100, za ka sami kashi 12. Wato cikin kowane wuri ɗari, 88 wayam suke.

Shi ma wannan gwaji yana da nasa rauni. Ƙarfen jini yana hawa da sauka cikin yini, kuma in mutum ya sha ƙwayar ƙarin jini ko ya ci nama kafin a ɗebi jininsa, lambar za ta tashi ta ruɗi likita. Don haka an fi so a yi shi da safe kafin karin kumallo. Abu na biyu, in jiki na yaƙi da cuta, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rufe ƙofar hanji ya kuma kulle rumbu. A irin wannan hali ana iya samun TSAT ƙasa alhali ajiya tana nan, an hana fito da ita ne kawai. Wata alama da ke taimakawa ita ce TIBC: in rumbu ya ƙare da gaske jiki yana ƙara 'yan dako, lambar ta hau, in kuwa kulle shi aka yi, lambar takan sauka ko ta tsaya.

Saboda haka likitan ya ce ta dawo bayan mako shida. Zazzaɓi ya tafi, CRP ya sauka. Yanzu feritin 11, TIBC ya haura zuwa 420, TSAT kashi 11, himogulobin 12.3. Gaskiya ta fito: ajiyarta ta ƙare, jinin ma yana bakin gaɓa.

Gano ƙarancin rabin aiki ne, sauran shi ne gano inda ƙarfen ke yoyo. A wajenta al'ada mai yawa ce da haihuwa kusa-kusa, kuma sai an duba mahaifa ko akwai ƙari. In da namiji ne, ko macen da ta daina al'ada, dole a binciki ciki da hanji, domin gyambon ciki, tsutsar ciki mai shan jini, yawan shan magungunan ciwon jiki, ko ciwon daji na hanji suna iya zubar da jini a ɓoye. Mai yawan ba da gudummawar jini ma ya kula, leda ɗaya tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne ƙwayar feros salfet mai miligiram 200, wadda ainihin ƙarfen cikinta kamar miligiram 65 ne. Ƙwaya ɗaya a yini, ko a tsallake kwana ɗaya, ta fi shiga jiki a kan sha sau uku, saboda kowace ƙwaya tana tada hefsidin na kusan yini guda. Kada a haɗa ta da shayi ko madara. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar ƙarfi ya dawo, alhali cika rumbu yana ɗaukar aƙalla wata uku, sannan a sake auna feritin. Hanta da jan nama da kifi da wake suna taimakawa, amma abinci kaɗai yana jinkiri wajen cike irin wannan giɓi.

Kada kuma wani ya ji wannan ya nufi kemis don ya gaji. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, in ya yi yawa yana taruwa a hanta da zuciya ya yi ɓarna. Masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini sukan kasance da ƙarancin jini alhali ƙarfe ya yi musu yawa, ƙwayar ƙarin jini tana iya cutar da su. A kuma ɓoye ƙwayoyin nesa da yara, domin yaro in ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke yin gwajin feritin ba, kuma ya fi na PCV tsada nesa ba kusa ba. Amma macen da ke fama da gajiya, ga al'ada mai yawa ko haihuwa a jere, in aka ce mata jininta ya isa, tana da damar ta ce, "Likita, an duba ajiyar ƙarfen kuwa?" In kuma za a duba, ta tuna ta faɗi ranar da ta yi zazzaɓi na ƙarshe, domin da wannan ranar za a karanta lambar da ta fito.