Kafin a Sayo Injin, Wa Ya Ƙirga Buhunan?

A shekarar 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, jihar Kano, mai iya sarrafa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum. Ba a daɗe ba tsutsar nan Tuta absoluta ta afka wa gonaki, tumatir ya yi ƙaranci, injuna suka tsaya. Injunan lafiyarsu lau, abin zuba musu ne babu. Irin wannan tambayar ce binciken yiwuwar aiki yake yi tun kuɗi suna aljihu: anya aikin zai tafi kuwa, kuma me zai iya tsayar da shi?

Mu ɗauki mai son kafa injin casar shinkafa a Kura. Dillali ya ce masa injin yana cin tan ɗaya a awa. In zai yi awa takwas, buhu 80 na shanshera mai kilo 100 yake bukata kowace rana, wato buhu 2,000 a kwanakin aiki 25. Daga ina za su fito? Da kaka shanshera tana da araha, amma in shekara ta yi nisa sai ta yi tsada, manyan kamfanoni kuma suna kasuwa ɗaya da shi. Dole ya saya da kaka ya ajiye, wanda ke nufin sito, maigadi da kuɗin da za su kwanta wata da watanni.

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma abin yana damuna. Mutum ya zuba duk jarinsa a gini da inji, ranar buɗewa ba shi da na juyawa. Ga shi buhu ba ya fitowa yadda ya shiga: kilo 100 na shanshera yakan ba da kilo 60 zuwa 65, sauran ɓuntu ne da dusa, cikin wadda ta fito ma akwai karyayya. Bincike na gaskiya yana sake lissafin da mummunan zato. In injin ya yi rabin aikinsa kawai, ko dizal ya tashi saboda wuta ba ta zama, za a iya biyan banki da ma'aikata? Rahoton da ya nuna riba tun watan farko, injin yana aiki kullum ba fashi, an rubuta shi ne don a faranta wa mai kuɗi.

Takardu ba su da wuyar fahimta, jinkirinsu ne ke cin mutum: rajistar CAC, lambar NAFDAC kafin a sa shinkafa a buhu mai suna, da takardar mallakar fili, wadda banki zai nema a matsayin jingina.

Sai makanike. In injin cire tsakuwa ya lalace ranar Talata, a tambaya tun yanzu ko akwai mai gyaransa a Kano, ko kuwa sai an jira kayan gyara daga China ana biyan albashi injin yana tsaye.