Yadda Waya Ke Mayar da Hoto Zane

Tun da Prisma ta fito a 2016, mutane suka kamu da son ganin fuskarsu kamar an zana da hannu. Manhajar ba ta san ka ba. An horar da ita ne da dimbin hotuna da zane-zane har ta gane inda ido, hanci da baki suke. In ka ba ta hoto, sai ta kaurara layukan fuska, ta shafe ƙananan tabo, launuka masu yawa ta mayar da su kaɗan. Wasu manhajojin ma sabon hoto suke ƙirƙira, naka jagora ne kawai.

A nan matsalar take. Gwada hoton dattijo mai zube a kumatu da hula zanna: sau da yawa manhajar kan ɗauki zuben a matsayin tabo ta goge, aikin hular ya cakuɗe, fatar ma ta yi haske, don irin fuskokinmu ba su da yawa cikin abin da ta koya. Hoton dare ko na taron biki ya fi lalacewa.

Kuma yawancinsu sai sun tura hotonka kwamfutar kamfani. Kashe data ka gwada: in ta ƙi aiki, mai yiwuwa ba a wayarka ake zanen ba.