Targaɗe ne ko Karaya? Yadda Ake Gane Ƙafar da ke Buƙatar Hoto

Da zarar ƙafa ta gurɗe, idon sawu ya kumbura suntum, sai ka ji mutane suna cewa ai karaya ce. Kumburi kuwa ba shi ne shaida ba. Targaɗe, wato jijiyoyin da ke riƙe gaɓa su miƙe fiye da kima ko su yage, yana iya kumbura ƙafa har fata ta yi baƙi alhali ƙashi lafiya lau yake. Galibin masu gurɗewa targaɗe ne suke yi.

A 1992 Dakta Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar tantance wanda ya kamata a yi wa hoton ƙashi. Gwajin bai wuce na taku da ɗan yatsa ba.

A ɗauki matashin da ya faɗa rami yana buga ƙwallo, tafin ƙafarsa ya juya ciki. Tambayar farko: ya iya yin taku huɗu a lokacin, kuma zai iya yanzu? Ko da ɗingishi ne, an lissafa ya taka. Daga nan likita zai danna ƙashin nan biyu da suka turo a gefen idon sawu, na waje da na ciki, a kan tsininsu da gefensu na baya, ya bi sama har santimita 6. Sai ya danna ƙashin da ke gefen ƙafa ta waje, tsakanin dunduniya da ƙaramin yatsa, da kuma ɗan tudun ƙashin da ke gaban idon sawu ta ciki. Idan matashin ya taka, kuma zafin yana cikin tsokar da ke gaban ƙashin waje ne, da wuya a sami karaya. Idan kuwa ya zabura da aka taɓa ƙashin kansa, ko ya kasa takawa tun daga fili har asibiti, to sai hoto.

Amma gwajin ba ya aiki ga kowa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji yana iya takawa a kan karaya bai sani ba. Haka wanda ke cikin maye, da ƙaramin yaro.

Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa gwaji a kansu: ƙafa ta karkace, ƙashi ya huda fata, ko yatsu su yi sanyi su dashe. Nan ne gaggawar kai mutum wurin mai ɗori kafin hoto take da haɗari, domin ɗaure kumburarriyar ƙafa tamau da kara yana iya tsayar da jini har ta ruɓe.

Mai targaɗe ya ɗaga ƙafar, ya ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 20, ya riƙa takawa a hankali. Idan mako ya cika ba sauƙi, a koma asibiti a sake dubawa.