Masana'antar Ruwan Leda da Haɗarin Jingina da Mai Kawo Kaya Ɗaya

Ƙaramar masana'anta takan tsaya cik saboda rashin kaya guda ɗaya, ko da sauran komai ya wadata. Gidan da ke sarrafa ruwan leda, wanda ake kira fiya wata, yana iya samun rijiyar burtsatse mai ruwa, da janareto cike da mai, da ma'aikata da motocin rabo a ƙofa, amma in naɗin leda ya ƙare, ko ɗigo ɗaya ba zai fita kasuwa ba. Yawancin irin waɗannan gidaje kuwa a hannun kamfani ɗaya suke sayen ledarsu, domin shi ya fara buga musu, shi ya san tambarinsu, wani lokaci ma shi yake ba su bashi. Wannan jingina tana da daɗi muddin komai yana tafiya daidai. Ranar da injin kamfanin ya lalace, ko ya ƙara farashi dare ɗaya, ko ya sa babban kwastoma a gaba, ranar ake gane cewa makullin masana'antar yana aljihun wani.

Ba kowane kaya ne yake da wannan haɗari ba, don haka aikin farko shi ne rarrabewa. Tambayoyi biyu sun isa a kan kowane abin da ake saye: in ya yanke, aiki zai tsaya? Kuma kwana nawa za a ɗauka kafin a samo madadinsa? Man dizal yana tsayar da aiki, amma ana samunsa a gidajen mai da yawa cikin awa guda. Babbar ledar da ake zuba ƙullin ruwa ashirin a ciki ita ma ana samunta a kasuwa, tunda galibi ba ta ɗauke da sunan kowa. Naɗin ledar da ke shiga inji kuwa daban ne. A jikinsa ake buga sunan kamfani da adireshinsa da lambar rajistar hukumar NAFDAC, saboda haka ba a iya aron na maƙwabci, ba a kuma iya shiga kasuwa a saye shi kai tsaye. Dole sai an ba da aiki an jira. Kayan da ya haɗa waɗannan siffofi biyu, wato yana tsayar da aiki kuma samunsa yana cin kwanaki, shi ya cancanci a kashe masa lokaci da kuɗi.

Abin da ya fi ɗaure mai masana'anta ga kamfanin leda shi ne silindar bugu. Ƙarfe ne mai siffar ganga da ake sassaƙa tambari da rubutu a jikinsa, kowane launi da silindarsa, kuma a ma'ajiyar kamfanin yake zama. Wasu kamfanoni sukan ce sun yafe kuɗin sassaƙar don su jawo ciniki, mai masana'anta ya yi murna, sai ranar da ya so komawa wani wuri a ce masa silindar ba tasa ba ce. Abin da ya fi kyau shi ne ya biya kuɗinta da kansa, a rubuta a rasit cewa mallakarsa ce, sannan ya karɓi ainihin zanen tambarin ya adana a kwamfuta ko waya. Zanen ma ya fi ƙarfen amfani, domin silindar injin wani ba lallai ta hau injin wani ba, wasu kamfanonin ma da farantin roba suke bugu. Wanda yake riƙe da zanensa zai iya sa a yi masa sabuwa a ko'ina.

Bayan haka sai neman kamfani na biyu, kuma lokacin nemansa shi ne lokacin da ba a buƙatarsa. Wanda ya bari sai ledarsa ta ƙare ba ya da bakin ciniki, kuma ba ya da sararin gwaji. A Kano akwai masana'antun roba da leda a rukunonin Sharaɗa da Bompai da Challawa, wasu masu ruwa kuma daga Legas suke yin oda. Sai dai akwai tarkon da mutane da yawa suke faɗawa: su riƙe lambobin dillalai biyu, alhali duka biyun daga kamfani ɗaya suke ɗauko kaya. Wannan mai kawo kaya ɗaya ne mai fuska biyu. Ya kamata a je har wurin da ake hura ledar a ga injin da ido, a kuma tambayi inda suke samo ƙwayar roba. Wata ƙwayar daga kamfanin Indorama na Eleme a jihar Ribas take fitowa, wata kuma daga ƙasashen waje ta tashoshin jiragen ruwa. Lokacin da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk wanda ya dogara da kayan waje ya ga farashi yana canzawa a hannunsa. A lokacin kullen korona na 2020 kuma hanya ce ta zama matsala, domin an taƙaita zirga-zirga tsakanin jihohi. Darasin biyu daban ne, amma abu ɗaya suke nunawa: madadi na gaskiya shi ne wanda abin da ya kayar da na farko ba zai kayar da shi a lokaci guda ba. In na farko yana Legas, a samu na biyu a kusa da gida.

Kafin a amince da sabon kamfani sai an gwada kayansa a injin gida. A ba shi ma'auni a rubuce: faɗin naɗi, kaurin leda, girman bututun da ake naɗe ta a kai, da launukan bugu. Kalmar «irin wadda muka saba» ba ma'auni ba ce. Idan naɗin gwaji ya zo, a ɗora shi a inji a duba ko liƙin yana kamawa a zafin da aka saba, domin leda daga wata ƙwaya daban takan nemi a ƙara zafi ko a rage. A matsa ƙullin da hannu, a saki wasu daga tsayin ƙugu a ga ko za su fashe, a goge rubutun da jiƙaƙƙen yatsa a ga ko tawada tana fita. A ajiye jaka biyu ko uku na 'yan kwanaki sannan a ɗanɗana, domin ledar da aka cakuɗa da tsohuwar roba ko aka buga da tawada marar kyau takan bar wari a ruwa, kuma wannan ya shafi lafiyar jama'a kafin ya shafi riba. Daga ƙarshe a ƙirga jaka nawa kilo ɗaya ya fitar. Da kilo ake sayar da leda, don haka mai kauri fiye da kima tana iya zama mai araha a sikeli amma mai tsada a jaka.

Misali da alƙaluma zai nuna yadda lissafin yake. Alƙaluman na kwatance ne, kowa sai ya sa nasa. A ɗauka gidan ruwa yana fitar da jaka 1,000 a rana, kilo ɗaya na leda kuma yana ba shi jaka 20. Ke nan yana cin kilo 50 kullum, kilo 1,300 a watan da aka yi aikin kwana 26. Kamfanin da ya saba da shi yakan kawo kaya bayan kwanakin aiki 10, amma littafin sito ya nuna an taɓa kaiwa kwana 16. Kwana 10 na jira suna cin kilo 500, kwana 6 na jinkiri kuma kilo 300. Saboda haka da zarar ledar sito ta sauko kilo 800 sai a ba da sabuwar oda, ba sai an ga naɗi na ƙarshe ba. Kilo 300 ɗin nan ajiyar ko-ta-kwana ce. Tana sayen lokaci kawai, ba ta maye gurbin kamfani na biyu, domin in matsalar ta kai wata guda ajiyar za ta ƙare cikin mako.

Sai kuma rabon ciniki. Kamfanin da ba a taɓa saye a wurinsa ba, ba zai ture aikin kwastomominsa don baƙo ba, don haka dole a riƙa ba shi wani kaso ko da na farko yana cika alƙawari. A wannan misali ana iya bar wa na farko kilo 1,000 a wata, a ba na biyu 300. In na biyu ya ce ba ya kunna inji a kan ƙasa da kilo 500, sai a haɗa masa kilo 600 duk wata biyu. A ɗauka kilonsa ya ɗara na farko da naira 150: ƙarin kuɗin naira 45,000 ne a wata. In kuwa ribar jaka naira 50 ce, tsayuwar rana ɗaya tak asarar naira 50,000 ce, ban da albashin da ba ya tsayawa, ban da masu shaguna da za su karɓi ruwan wani kuma ƙila ba za su dawo ba. A lokacin zafin Maris da Afrilu, ko watan azumi, asarar ta fi haka ciwo. Da wannan kwatance ake yanke hukunci. In ƙarin kuɗin ya fi asarar da ake tsoro nesa ba kusa ba, to ƙara ajiya a sito ya wadatar.

Tsarin yana da nasa nauyin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ajiya jari ce da ta kwanta, kuma leda tana son ɗaki mai tsabta da inuwa, a kan katako, nesa da ƙura da ɓera, a riƙa fara amfani da wadda ta riga zuwa. Raba oda yana iya rage rangwamen da ake samu a wurin na farko, launin tambari kuma yana iya ɗan bambanta tsakanin bugu biyu. Shi ya sa kamfanoni biyu sun isa ga ƙaramin gida. Na uku lambarsa da samfurinsa kawai ake riƙewa. Babu kuma dalilin ɓoye wa abokin hulɗa na farko. A kasuwancin da amana take da daraja, gara ya ji daga bakin mai masana'anta cewa kaso mafi girma nasa ne, da ya ji a bakin direba. Bashi ne kaɗai yake hana wannan magana fitowa, domin wanda ake bi kuɗin naɗi uku ba ya iya ɗaga kai ya nemi wani. Rage bashin yana cikin shirin tun farko.

Matsala ba kasafai take zuwa ba tare da alama ba. Kaya ya fara makara da kwana biyu, sannan huɗu. An yi odar kilo 500 an kawo 350 da alƙawarin ciko. Kauri ya fara canzawa daga naɗi zuwa naɗi, ƙullin da ke fashewa a mota ya ƙaru. Kamfanin da yake karɓar rabin kuɗi ya koma neman duka tun kafin aiki, wanda sau da yawa yake nuna jarinsa ya yi rauni. Littafi guda da ake rubuta ranar oda, ranar isowa, nauyin da aka auna da yawan jakar da aka samu ya isa ya tona duk wannan. Idan alamu biyu suka haɗu a oda biyu a jere, mai masana'anta ya ƙara kason kamfani na biyu a oda ta gaba, kada ya jira sai sito ya zama wayam.