Kimar Kamfani: Inda Kwatance Ke Rufe Ido

A ce ana sayen hannun jarin kamfanonin siminti a kasuwa kan ninki 10 na ribarsu ta shekara. Idan wani kamfanin siminti ya ci ribar naira biliyan 2, sai a yi masa kimar biliyan 20.

To amma wannan ma'auni bai fito da bashi fili ba. Shi ya sa masana ke haɗa kuɗin hannun jari da bashi, su cire tsabar kuɗin da ke ajiye, su auna da ribar aiki kafin cire ruwa, haraji da tsufan injuna.

Kwatancen kan yaudari mutum idan ribar ta fito daga sayar da fili. Baɗi babu filin, ribar gaskiya biliyan 1 ce, kimar kuma biliyan 10.