Sanyin Mara: Cutar da Ke Toshe Hanyar Haihuwa Idan An Yi Jinkiri

A gefen dama da hagu na mahaifar mace akwai wasu siraran bututai guda biyu, kowanne tsawonsa kamar santimita 10. A inda ya fi tsukewa, ramin bututun bai wuce faɗin milimita ɗaya ba. Ta nan ƙwan mace ke biyowa duk wata, a nan yake haɗuwa da maniyyi, kuma wasu ƙananan gasu da ke shimfiɗe a bangon bututun su ke tura shi a hankali har ya isa mahaifa cikin 'yan kwanaki. Duk cikin da aka ɗauka ta hanyar da aka saba, sai ya ratsa wannan ƙaramar hanya.

Cutar da likitoci ke rubutawa a katin asibiti da haruffan PID, wadda mutane ke sakawa cikin jerin "sanyin mara", wannan hanyar take lalatawa. Ƙwayoyin cuta ne ke tasowa daga farji, su ƙetare bakin mahaifa, su kama cikin mahaifa da bututan, wani lokaci har da ma'ajiyar ƙwai da shimfiɗar cikin ƙugu. Magani yana kashe ƙwayoyin cikin mako biyu. Tabon da suka bari kuwa babu ƙwayar da ke goge shi.

Biyu daga cikin ƙwayoyin da suka fi shahara ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu. Ta farko ita ce gonoriya, wadda ita ce ainihin ciwon sanyi da aka sani tun da. Idan ta haura sama takan zo da ƙarfi: zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, da ruwa mai kama da mugunya, sau da yawa jim kaɗan bayan gama al'ada. Ta biyu ita ce kilamidiya, kuma ita ta fi ban tsoro, domin yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Tana iya yin watanni tana cin bangon bututu, mace na harkokinta, abin da take ji bai wuce ɗan nauyin mara ko ɗigon jini bayan saduwa ba. Akwai ta uku, maikofilasma, wadda aka gano rawar da take takawa daga baya.

Amma ba kowane sanyin mara ke zuwa daga saduwa ba, kuma ya kamata a faɗi wannan da babbar murya, saboda zargi ya hana mata da yawa zuwa asibiti. Farji yana da ƙwayoyinsa masu amfani da ke tsare shi. Idan suka ragu, wasu ƙwayoyin da ba sa son iska sukan yi yawa, su kawo ruwa mai ƙarni, kuma su ma suna iya haurawa. Yawan wanke can ciki da sabulu ko cusa haɗe-haɗen matsi yana ɓata wannan tsari. Haka kuma duk lokacin da bakin mahaifa ya buɗe, ƙofa ta samu: bayan haihuwa, bayan ɓari, ko bayan wankin ciki da kayan da ba a tsabtace ba. Tarin fuka ma yakan kama bututan ta hanyar jini, sai dai shi maganinsa daban ne. Masai kuwa, wanda ake yawan ɗora wa laifi, ba ya cikin hanyoyin ɗaukar gonoriya ko kilamidiya.

A ɗauki misalin matar aure mai shekara 24, mai ɗa ɗaya. Kwana biyu bayan ta yi wankan al'ada sai mararta ta fara ciwo ta gefe biyu, ba mai murɗawa ba, mai nauyi ne da ba ya sauka. Saduwa ta koma mata azaba. Ta aika yaro kemis a ce a ba da maganin sanyi, aka ƙullo mata kafso na kwana uku da maganin kashe zafi. Ciwon ya lafa, ta ɗauka an gama. Bayan mako uku ya dawo da zazzaɓi, wata maƙwabciya ta ce taifot ne, aka sake wani zagayen magani. Sai da tafiya ta gagare ta a miƙe aka kai ta asibiti.

Abin da likita zai fara yi ba shi ne sikanin ba. Zai tambaye ta: "Malama, yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe? Akwai ruwan da ke fita? Maigida yana kukan zafin fitsari?" Sannan a yi gwajin ciki, ko da ta rantse ba ta da shi, domin cikin da ya zauna a bututu yana kawo irin wannan ciwon kuma yana iya kisa cikin sa'o'i idan ya fashe. Dole kuma a kawar da zaton afendis, da ciwon mafitsara, da murɗewar ma'ajiyar ƙwai.

Daga nan sai gwajin hannu, wanda mata da yawa ke jin nauyinsa, kuma suna da damar neman mace ta yi musu ko ta tsaya a wurin. Likita yakan sa yatsu biyu cikin safar hannu ya motsa bakin mahaifa, ɗaya hannun yana danna mara. Mai lafiya ba ta jin wani abin kirki. Mai wannan cuta kuwa takan zabura, ta riƙe gefen gado. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: mace mai ciwon mara da ba a ga wani dalilinsa ba, idan aka samu zafi wajen motsa bakin mahaifa, ko danna mahaifa, ko gefenta, to a fara magani nan take. Zazzaɓin da ya haura digiri 38.3 da mugunya a bakin mahaifa suna ƙara tabbaci, amma rashinsu ba ya kore cutar.

Za a ɗebi ruwan bakin mahaifa a kai ɗakin gwaji, a kuma yi gwajin ƙanjamau da na tunjere. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji, na shuka ruwan farji a ga abin da zai tsiro, ba ya nuna kilamidiya, domin ita sai a cikin ƙwayar halittar jiki take rayuwa. Gwajin da ke kama ta shi ne mai neman ƙwayar gadonta, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Sikanin ma yakan fito lafiya ƙalau alhali cutar na nan; amfaninsa shi ne nuna ƙurjin mugunya ko bututun da ya kumbura. Saboda haka takarda mai cewa ba a ga komai ba, ba hujjar dakatar da magani ba ce.

Me ya sa likitoci ke gaggawa haka, har su ba da magani kafin sakamako ya fito? Amsar tana cikin wani dogon bincike da Lars Weström da abokan aikinsa suka yi a birnin Lund na ƙasar Suwidin, inda suka bi matan da aka tabbatar da cutar a jikinsu ta hanyar leƙa ciki da na'ura tsakanin 1960 da 1984. Cikin waɗanda suka nemi haihuwa daga baya, kusan kashi 8 cikin 100 sun rasa ta saboda lalacewar bututu bayan kamu ɗaya. Bayan kamu biyu adadin ya kai kusan kashi 20, bayan uku ko fiye ya kai kashi 40. Wani nazari da aka buga a 1993 kan waɗannan matan ya nuna cewa wadda ta jinkirta neman magani kwana uku ko fiye, haɗarin rasa haihuwa ko yin ciki a wajen mahaifa ya ninka mata kusan sau uku. Matar misalinmu ta yi fiye da mako uku.

Ɓarnar tana faruwa ne daki-daki. Kumburi yana kashe gasun nan masu tura ƙwai, kuma inda suka mutu da yawa ba sa komawa yadda suke. Idan rauni ya zo warkewa, bangon bututu yakan manne da juna, kamar takardun littafin da ruwa ya jiƙa suka bushe a haɗe. Bakin bututun, mai kama ƙwai idan ya fito, yana iya rufewa, ruwa ya taru a ciki. Idan duka biyun suka toshe, mace za ta ci gaba da ganin al'adarta daidai, tana fitar da ƙwai duk wata, amma ciki ba zai shiga ba. Idan kuma toshewar rabi ce, maniyyi zai wuce, ƙwan da ya haɗu da shi ya maƙale a hanya ya fara girma a nan. Wasu kuma sai su gaji ciwon mara na shekaru.

Wannan magana ta shafi nahiyarmu kai tsaye. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1985 kan ma'auratan da suka je asibiti neman haihuwa, kusan rabin matan da aka duba a cibiyoyin Afirka bututansu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki kusan ɗaya cikin goma ne. Mace da yawa da aka kira juya, ko aka ce ta haihu ɗaya ta tsaya, abin da ya same ta ke nan.

Maganin ba ƙwaya ɗaya ba ce, tunda ƙwayoyin cutar ma ba iri ɗaya ba ne. Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne allurar seftiriyazon sau ɗaya, da dokzisaikilin da metronidazol safe da yamma har kwana 14. Ciwon yakan sauka cikin kwana uku, kuma a nan ne mata da yawa ke ajiye sauran maganin, ƙwayoyin da suka saura su farfaɗo. Ana son ta koma asibiti cikin awa 72. Idan babu sauƙi, a sake bincike. Mai juna biyu, da mai amai, da mai zazzaɓi mai zafi, da wadda aka ga ƙurji a sikaninta, gado ake ba su a yi musu ta jijiya.

Sai batun maigida, wanda shi ne ya fi wuya a gidajenmu. Namiji yana iya ɗauke da kilamidiya ba tare da ko zafin fitsari ba. Idan aka yi wa matar magani aka bar shi, zai mayar mata, kamu na biyu ya hau kan na farko. A gidan da ke da mata biyu ko uku, miji da uwargida da amarya duk sai an duba su an yi musu magani a lokaci ɗaya, a kuma dakatar da saduwa har kowa ya gama nasa.

Ga wadda ta riga ta sha wannan ciwo kuma ta shekara tana neman ciki bai samu ba, akwai hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa ta bakin mahaifa, wanda ke nuna ko bututan a buɗe suke. Ana yin sa bayan ɗaukewar al'ada, kuma ba a yi alhali akwai ciwo a jiki. Bututu ɗaya mai lafiya ya isa a ɗauki ciki. Idan duka biyun sun lalace, abin da ya rage shi ne tiyata, wadda ba kullum take nasara ba, ko haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Wadda kuma ta samu ciki bayan ta taɓa yin cutar, ta yi sikanin da wuri, tun cikin makonnin farko, a tabbatar cikin a mahaifa ya zauna.